Amsar da za ta riƙa fita da sunana ina kan tafiya: wa zan ambata, kuma kwana nawa zan ce a jira?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'a. Ina da ƙaramin kamfani da ke kai wa ofisoshi da makarantu kayan rubutu da tawadar firinta. Mu biyar ne a wurin, amma kusan duk oda da neman farashi da ƙorafi suna shigowa ne ta adireshina na Gmail, domin shi mutane suka sani tun farko. Zan yi tafiya ranar Litinin 6 ga Oktoba, in dawo daren Juma'a 17 ga wata, kuma ba na sa ran samun sukunin duba saƙo a can sai jefi-jefi. Ina son in kunna amsar nan da ke fita da kanta ga duk wanda ya rubuto. Ga abin da na tsara:

"Na gode da saƙonku. Na yi tafiya, zan amsa da zarar na dawo. Idan akwai gaggawa, a tuntuɓi Nura."

Nura shi ne mai kula da oda a wurinmu. Ina roƙon waɗanda suka saba da wannan su duba mini ko ya wadatar.

Malam Sagir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Saƙon yana da ladabi, amma idan kika tsaya a matsayin wanda ya karɓe shi za ki ga ya bar shi da tambayoyi uku ba amsa. Bai san ranar da za ki dawo ba, don haka ba zai iya yanke shawarar ko ya jira ko ya nemi wani dillalin ba. Bai san ko wane ne Nura ba, ballantana ta inda zai same shi. Sannan bai san makomar saƙon da ya riga ya turo ba: shin an miƙa shi ga Nura, ko yana nan kwance a akwatinki har ki dawo? Wannan ta ukun ita ce mutane suka fi mantawa, kuma ita ta fi jawo asara, domin mai oda yakan ɗauka cewa tunda an ambaci wani to saƙon ya isa gare shi, sai ya naɗe hannu yana jira, alhali Nura bai ga komai ba.

Kalmar gaggawa ma ina da ja a kanta. A wurin mai saye, bukatarsa ko da yaushe ta gaggawa ce, wani kuma mai kunya zai danne tasa ko da kayansa sun ƙare. Ya fi kyau ki ambaci ayyukan da sunansu, wato sabuwar oda, bin diddigin kayan da aka riga aka biya, da gyaran rasit, ki ce waɗannan Nura ne zai yi su, sauran kuma su jira ki.

Alhaji Bello:
Ni dai, Hajiya, ban ga dalilin da za ki shelanta wa duniya cewa ba kya nan ba. Duk wanda ya turo miki saƙo zai samu wannan amsa, har da wanda ba ki sani ba kuma ba alheri ya kawo shi ba, idan kuma kika ƙara ranaku, ga ranar tafiya ga ranar dawowa kin ba shi a rubuce. Idan lallai sai kin kunna, akwai wani ɗan akwati a ƙasan wurin rubuta saƙon da ake cewa `Only send a response to people in my Contacts`. Ki sa masa alama, amsar za ta tsaya ga waɗanda kika sani kaɗai, shi ke nan an huta.

Malam Sagir:
Alhaji ya taɓo abu mai muhimmanci, sai dai maganin da ya kawo yana da nasa illar ga mai kasuwanci. Wannan akwati an yi shi ne don mutumin da ke kare sirrinsa, amma Hajiya tana jiran sababbin masu saye, kuma sabon mai saye shi ne daidai wanda ba ya cikin jerin sunayenta. Idan ta sa alamar, tsohon abokin ciniki da ke da lambar wayar kowa a ofishin zai samu amsa, baƙon da ya fi bukatar a nuna masa hanya kuma zai ji shiru na kwana goma sha biyu.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rage abin da saƙon ke faɗa, ba a rage masu karɓarsa ba. Babu bukatar ta ce ta yi tafiya, ko ina ta tafi, ko me ya kai ta. Ya isa ta ce ba za ta samu damar amsa saƙo ba har zuwa rana kaza, kuma ofis yana buɗe kamar kullum. Gmail ma ba ya tura wannan amsa ga saƙon da ya faɗa `Spam`, ko wanda ya zo ta jerin wasiƙun da aka yi rajista da su, don haka wani ɓangare na abin da Alhaji ke tsoro an riga an tace shi.

Auwal:
Hajiya, wannan abu mai sauƙi ne. Idan kin rubuta saƙo, ki danna ƙaramar kibiyar da ke gefen `Send`, ki zaɓi `Schedule send`, sai ki sa ranar da kike so ya tafi. Ni haka nake yi wa duk abokan cinikina idan zan yi nisa.

Malama Zainab:
Malam Auwal, wancan don tura saƙo ɗaya ne ga mutanen da ka zaɓa a lokacin da ka tsara, ba ya amsa wa wanda ya rubuto daga baya. Abin da Hajiya ke nufi yana cikin `Settings`, sai `See all settings`, a ƙasan shafin `General`, inda aka rubuta `Vacation responder`. Amma dabararka tana da wurinta, domin manyan abokan ciniki huɗu ko biyar sun cancanci a sanar da su tun kafin tafiya, kada su fara jin labari daga bakin na'ura.

Ni ina so in yi magana ne daga ɓangaren wanda ake ambata, saboda na taɓa zama a wannan kujera. Mai kamfanin da nake wa aiki a da ya sa sunana a irin wannan saƙo, ya faɗa mini a tsaye yana shirin fita, amma bai gaya mini iyakar abin da zan iya yanke hukunci a kai ba. A rana ta biyu wani babban mai saye ya kira, ya ce an yi masa alƙawarin ragi idan ya ninka odarsa, kuma yana son amsa kafin a tashi aiki. Na duba fayil ban ga komai a rubuce ba, na kira mai gida wayarsa ba ta shiga. Idan na amince, na ba da abin da ba nawa ba. Idan na ƙi, na ƙaryata mutumin da wataƙila gaskiya ya faɗa. Na ce ya jira, shi kuma ya kai odarsa wani wuri.

Don haka, Hajiya, kafin ki rubuta sunan Nura a saƙon, ki zauna da shi ku rubuta takarda ɗaya. A ciki ki fayyace ko yana iya ba da farashi daga jerin da ake da shi, ko yana iya yin ragi kuma har zuwa kashi nawa, ko yana iya ba da kaya bashi ga tsofaffin abokan ciniki, da kuma duk wani alƙawari da kika yi wa wani da baki wanda bai cika ba tukuna. Abin da ba ya cikin ikonsa kuma ki faɗa a saƙon cewa zai jira dawowarki, don kada mai saye ya ɗauka Nura ne ke ja masa rai.

Hajiya Rabi:
Na gode ƙwarai, Malama, wannan ya shige ni. Akwai makarantu biyu da na yi wa alƙawarin tsohon farashi har ƙarshen zangon karatu, kuma Nura bai sani ba. Zan rubuta masa yau. To batun lokacin amsa fa? Na so in ce Nura zai amsa cikin awa 24, ni kuma zan amsa ranar Litinin 20 ga wata da na koma ofis.

Malam Sagir:
Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, Hajiya. Awa 24 alƙawari ne da agogo ke ƙirgawa ba tare da ya san hutu ba. Wanda ya rubuto da yammacin Juma'a zai sa ran amsa da yammacin Asabar, idan kuma ofishinku ba ya aiki ranar, an saɓa alƙawari tun kafin Nura ya ga saƙon. Ki ce kwanan aiki ɗaya, sannan ki rubuta kwanakin aikin da awoyinsu a fili, domin ba ko'ina ne hutun mako yake faɗawa Asabar da Lahadi ba, akwai ƙasashen da Juma'a da Asabar ne, kuma idan kina da masu kawo miki kaya daga waje za su ƙirga da nasu kalandar. Sannan ki tambayi Nura ko zai iya, domin a waɗannan makonni biyu zai ɗauki aikinsa da naki. Idan kwanan aiki biyu ne abin da zai iya cikawa kullum, shi za ki rubuta. Alƙawari kaya ne, kuma a nan ke ce kike ɗauka amma shi ne zai sauke.

Game da ranar 20 kuma, ki gaya mana kimanin saƙo nawa ke shigo miki a rana.

Hajiya Rabi:
A ranar aiki yakan kai ashirin da biyar, idan aka haɗa da tallace-tallace da sanarwar banki.

Malam Sagir:
To mu lissafa. Daga 6 zuwa 17 ga wata kwanakin aiki goma ne, wato za ki tarar da saƙo kusan 250. A ce kashi ɗaya cikin uku ne ke bukatar amsa ta gaske daga gare ki, kimanin 80 ke nan. Idan kowanne ya ci minti goma, tsakanin karantawa da duba abin da Nura ya riga ya yi da rubuta amsa, an tashi minti 800, sama da awa 13. Wannan ya fi aikin yini ɗaya nesa ba kusa ba, ga shi ranar farko ma'aikata za su taru a kanki da nasu batutuwan. Idan kika rubuta 20 ga wata, mutum tamanin za su sa ran amsa a ranar, kuma da yawansu za su sake rubutowa ranar Talata suna tambaya, tulin ya ƙaru.

Shawarata ki raba ranakun biyu a saƙon: za ki koma ofis Litinin 20, za ki kammala amsa saƙonnin da suka taru zuwa Laraba 22. A wurin `Last day` kuma ki sa 19 ga wata, ba 17 ba, domin Gmail yana fara amsar ne da ƙarfe 12 na daren da ranar farko ta shiga, ya tsayar da ita da ƙarfe 11:59 na daren ranar ƙarshe. Idan kika sa 17, wanda ya rubuto Asabar ko Lahadi ba zai samu komai ba.

Maryam:
Ni mai saye ce, ba mai sayarwa ba, ni ke yi wa ofishinmu odar kaya, kuma ina karɓar irin wannan amsa kusan kowane mako. Abin da ya fi ɓata mini rai ya faru da wani kamfani da muke hulɗa da shi. Na rubuta wa mai kamfanin, amsa ta dawo cewa in tuntuɓi mataimakinsa. Na rubuta wa mataimakin, sai ga tasa amsar cewa yana hutu, in tuntuɓi mai kamfanin. Babu lambar waya a ko ɗaya daga cikin biyun. Kwana uku ina jiran kayan da aka riga aka biya kuɗinsu ban san wa zan kama ba. Saboda haka, Hajiya, ki tabbatar Nura ba shi da wani uzuri a cikin waɗannan ranaku, kuma ki sa lambar wayar ofis a matsayin hanya ta biyu, ba lambarsa ta kansa ba, don idan rashin lafiya ta kama shi wani ya ɗauka.

Abu na biyu, don Allah a daina ce mana mu sake tura saƙo zuwa wani adireshi. Na riga na rubuta, na haɗa takardu, me ya sa ba za a miƙa masa kai tsaye ba?

Malam Sagir:
Ana iya miƙawa, Malama Maryam, amma akwai abin lura. A shafin `Forwarding and POP/IMAP` ana sa adireshin Nura, Gmail ya aika masa saƙon tabbatarwa, bayan ya amince kuma kin kunna miƙawar a shafin, sai duk abin da ya shigo ya riƙa wucewa gare shi. Matsalar ita ce duk ɗin nan, domin har sanarwar banki da wasiƙun iyali da ƙorafin da wani zai kawo a kan Nura kansa za su bi. Ana iya taƙaitawa da `Filter`, a ce saƙonnin wasu adireshi kaɗai za su wuce, amma sabon mai saye ba zai shiga tacewar ba tunda ba a san adireshinsa ba. Akwai kuma `Grant access to your account`, wanda ke ba shi damar karantawa da amsawa daga cikin akwatin Hajiya ba tare da ta ba shi kalmar sirri ba, sai dai shi ma komai zai gani. Ni na fi karkata ga a bar saƙo inda yake, a faɗa wa mai rubutu a fili cewa ba a miƙa ba, ya tura wa Nura da kansa. Danna `Forward` aikin daƙiƙa kaɗan ne.

Maryam:
Daƙiƙa kaɗan ne ga wanda ya karanta amsar, Malam. Da yawa daga cikinmu da mun ga kan saƙo ya nuna amsa ce ta na'ura ba ma buɗewa, musamman a waya. Ni har yanzu ina ganin nauyin yana kan mai sayarwa.

Malama Zainab:
Idan haka ne, kan saƙon ya kamata ya ɗauki labarin da kansa. Maimakon a rubuta "Ba na nan" a wurin `Subject`, a rubuta "Ba a miƙa saƙonku ba: ku tura oda ga Nura har 19 ga Oktoba". Wanda bai buɗe ba ma ya gani. Kuma ko wace hanya aka bi, Nura ya riƙa sa Hajiya a `Cc` a duk amsar da ya bayar, in ba haka ba za ta dawo ta tarar da tambayar ba ta ga amsar ba, ta sake ba da wani farashin daban da wanda ya bayar.

Alhaji Bello:
Na karɓi maganar Malam Sagir a kan akwatin can, amma ban janye tsorona ba, kuma ga dalili. Saƙon da ya ce mai kamfani ba ta duba imel, ga sunan wanda ke riƙe da aiki, ga adireshinsa, ya ba ɗan damfara duk abin da yake nema. Zai buɗe adireshi mai kama da na Hajiya da bambancin harafi ɗaya, ya rubuta wa Nura cewa ina kan hanya, wayata ba ta aiki, ka tura kuɗi kaza zuwa wannan asusu yanzu don kada kaya su kuɓuce. Ko ya rubuta wa masu saye da sunan Nura cewa an sauya asusun kamfani. Wannan salon damfara sananne ne, kuma lokacin tafiyar mai gida yake fi cin kasuwa. Shi ya sa nake ganin a sa adireshin aiki kawai, kamar na sashen oda, ba tare da sunan mutum ba.

Malam Sagir:
Wannan karon ina tare da Alhaji a kan haɗarin baki ɗaya. Maganinsa yarjejeniya ce tsakanin Hajiya da Nura tun kafin ta tashi: babu kuɗin da zai fita bisa umarnin imel ko saƙon waya, sai ya ji muryarta ta lambar da ya riga ya sani, kuma shi ne zai kira, ba lambar da aka turo masa ba. A saƙon kuma a ƙara layi ɗaya cewa kamfani ba ya sauya asusun biyan kuɗi ta imel. Amma cire suna gaba ɗaya ban gamsu da shi ba, domin mai kiran waya yana bukatar ya san wa zai ce a ba shi. Sunan farko da muƙami sun isa, ba sai an sa cikakken suna ba.

Alhaji Bello:
Ni dai a nawa kamfanin muƙami kaɗai nake sawa, kuma ban ga wanda ya ɓata ba.

Auwal:
Yanzu na fahimci tambayar. To ga wadda ta dame ni: ni a Outlook nake, kuma yawancin masu sayena ta WhatsApp suke zuwa. Wannan tsari zai yi a can?

Malam Sagir:
Rubutun ɗaya ne, na'urar ce ta bambanta. A tsohon samfurin Outlook na kwamfuta ana shiga `File` sai `Automatic Replies`, kuma idan asusun na Microsoft 365 ne ko Exchange, ana iya rubuta saƙo daban ga 'yan cikin kamfani da na waje. Yana amsa wa kowane mutum sau ɗaya ne a tsawon lokacin da aka kunna, shi kuwa Gmail yana sake tura wa mutum idan ya kuma rubutowa bayan kwana huɗu, ko idan an gyara rubutun amsar. Idan ba ka ga wannan maɓalli ba, alama ce asusunka na POP ne ko IMAP, kuma amsar da za ka haɗa da `Rules` ba za ta fita ba sai kwamfutar tana kunne Outlook yana buɗe, don haka gara ka kunna ta daga shafin kamfanin da ke riƙe da imel ɗinka. A WhatsApp Business kuma sunansa `Away message` a cikin `Business tools`, sai dai yana bukatar wayar ta kasance a kan intanet kafin ya fita. Wanda zai shiga jirgi ko inda babu sabis, ya fi masa ya bar wayar kasuwancin a hannun wakilinsa.

Hajiya Rabi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da Nura, ya ce kwanan aiki ɗaya zai iya a kan oda. Ga sabon rubutun:

"Na gode da saƙonku. Ba zan samu damar amsa imel ba daga 6 zuwa 19 ga Oktoba, amma ofishinmu yana aiki kamar kullum, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Wannan saƙo naku ba a miƙa shi ga kowa ba. Idan ya shafi sabuwar oda, kayan da kuke jira, ko gyaran rasit, ku tura shi ga Nura, mai kula da oda, a `oda@example.com`, ko ku kira lambar ofis da ke ƙasa. Zai amsa cikin kwanan aiki ɗaya. Batun sabuwar yarjejeniya, ragi na musamman ko bashi zai jira ni. Zan koma ofis ranar Litinin 20 ga Oktoba, kuma zan amsa saƙonnin da suka taru zuwa Laraba 22. Ba ma sauya asusun biyan kuɗi ta imel."

Ban yanke shawara a kan miƙa saƙonnin ba tukuna, domin maganar Malama Maryam tana da ƙarfi, kuma ina tunanin yin tacewa ga makarantu shida da suka fi yawan oda. Idan na yi haka, layin da ya ce ba a miƙa ba zai zama ba daidai ba a wurinsu.

Malam Sagir:
Haka ne, kuma Gmail ba zai ba ki damar rubuta amsa biyu a wannan wurin ba, don haka waɗannan shida sai ki sanar da su tun yanzu da saƙo na daban cewa nasu yana wucewa ga Nura kai tsaye. Kafin ki tafi kuma ki gwada: ki mayar da `First day` zuwa yau na ɗan lokaci, ki sa wani wanda ba ya cikin jerin sunayenki ya rubuto miki, ki duba a wayarsa yadda kan saƙon ya fito da ko lambar ofis ta bayyana, domin rubutun ya ce tana ƙasa. Idan ya yi daidai sai ki mayar da ranar zuwa 6 ga wata ki danna `Save Changes`.

Maryam:
Idan shida za su samu miƙawa, Hajiya, ina roƙon a duba na bakwai da na takwas ma, domin ƙaramin mai saye shi ne wanda ba shi da lambar kowa a ofishinku.